Saƙon da Madam ta turo ranar Litinin

Jama'a, wannan rubutun yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na daɗe ina son in yi shi, musamman saboda 'yan'uwanmu da ke karatu a nan Kudu suna haɗawa da ɗan aiki. Kafin in sa shi a nan sai da na tura wa wanda abin ya shafa ya karanta. Ya cire abu biyu, ya ce sauran in sake shi. Don haka ba za ku ga sunansa ba, ba za ku ga sunan garinsu ba, kuma don Allah wanda ya gane shi ya riƙe a cikinsa. Idan kun kai ƙarshe za ku ga dalilin wannan roƙon.

Kamar yadda wasunku suka sani, ina digiri na biyu a Ibadan. Kuɗin makaranta da na haya da na abinci ba sa jiran kowa, shi ya sa na kama aikin wucin gadi a wani bincike da ake yi kan 'yan kasuwar kayan abinci. Mu takwas ne masu shiga kasuwa muna yi wa mutane tambayoyi muna cike fom a kwamfutar hannu. A cikinmu mu biyu ne kawai muke jin Hausa, ni da wani bawan Allah da zan riƙa kira Malam. Duk wanda ya san Bodija da Sasa ya san cewa idan kana son ka ji gaskiyar farashin albasa da wake da tumatur daga bakin masu kawo su, to sai da Hausa. Saboda haka aka raba mana 'yan kasuwarmu, kowa mutum 120.

Shugabar tawagarmu wata Bayarbiya ce, ta kusa haifata, kowa Madam yake ce mata. Ba ta da yawan magana, amma ba ta da ƙeta.

Wata Litinin da safe, ina cikin mota zan tafi kasuwa, sai ga saƙonta a zauren WhatsApp na aiki. Da Turanci ta rubuta, amma ga abin da ta ce:

"Barkanmu da safiya. Daga yau Malam ba zai zo aiki ba na wani lokaci. Yana nan a matsayinsa na ɗan wannan tawaga. A yanzu ba ni da ranar dawowarsa, amma ranar Juma'a ta mako mai zuwa zan sake yi muku bayanin yadda aiki zai ci gaba. Saura mutum 74 a jerinsa, yau da yamma zan tura wa kowa rabonsa. Kada a kira shi ko a tura masa saƙo a kan aiki, duk abin da ya shafi aikinsa a kawo mini. Wanda yake son ya gaishe shi zai iya tura gajeren saƙo, amma kada ya jira amsa. Na gode."

Shi ke nan. Na karanta sau uku ina neman inda ta faɗi abin da ya faru, babu. Ba ta ce ba shi da lafiya ba, ba ta ce an yi masa rasuwa ba, ba ta ce tafiya ta kama shi ba. Ko "mu sa shi a addu'a" babu.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wannan wane irin rashin tausayi ne? Mutum ya yi wata huɗu yana shan rana tare da mu, a sanar da rashinsa kamar ana sanar da lalacewar janareta? Mu fa a gida, abu ya samu mutum, kafin azahar an sani. Idan ciwo ne a je dubiya, idan asara ce a je jaje, idan rasuwa ce a je gaisuwa. Kowanne da irin kalmar da ake faɗa, da irin abin da ake riƙewa a hannu. To ni yanzu da wace kalma zan fara? Sannu zan ce, ko Allah ya jiƙan rai, ko Allah ya mayar da alheri? A ganina a ranar, Madam ta ɗaure mana hannu ta hana mu yin zumunci.

Na kira Malam duk da abin da ta ce. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura saƙo, ya shiga, ba amsa. Da na isa ofis da yamma don karɓar rabona, abokan aiki suka yi mini caa. Kowa tambayarsa ɗaya: me ya samu ɗan'uwanka? A wurinsu tunda yarenmu ɗaya, dole na sani. Kuma ku yarda da ni, kunya na ji da na ce ban sani ba. Sai na ga kamar an nuna wa duniya cewa ni ba kowa ba ne a wurinsa.

Wannan kunyar ce ta kai ni ga kuskuren da ya sa nake wannan rubutu.

Da dare na shiga wani zaurenmu na ɗaliban Arewa, mu fi ɗari a ciki. Na rubuta: "Salam. Don Allah wa ya san halin da Malam wane yake ciki? An ce mana a wurin aiki ba zai zo ba har sai abin da hali ya yi, kuma ba ya ɗaukar waya." Wallahi da kyakkyawar niyya na yi. Ina ganin idan asibiti yake, mu haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa mu kai masa.

Kafin in kwanta mutum fiye da ashirin sun amsa. Babu wanda ya sani, amma kowa yana da abin faɗa. Wani ya ce ai ya ga ya rame kwanan nan. Wani ya ce ya ji ana korar masu cike fom na ƙarya a irin wannan aikin. Wani ya ce ko dai maganar auren nan ce. Zuwa ranar Laraba waɗannan zato uku sun tashi daga zato sun koma labari. Wani da ban taɓa yi wa magana ba ya tare ni bayan sallar la'asar yana cewa, "Ashe korar mutuminka aka yi?" Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce ai kai ka faɗa a guruf.

Abin bai tsaya nan ba. Wani ɗan garinsu, shi ma da niyyar alheri, ya kira gida don ya tambaya ko Malam ya iso lafiya. A gida kuwa babu wanda ya san ya dakatar da aiki. Maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa, dattijuwa mai hawan jini. Ku da kanku kun san abin da ke zuwa zuciyar uwa idan aka ce ɗanta yana wata uwa duniya, ba ya zuwa aiki, ba ya ɗaukar waya.

Ranar Alhamis da dare Malam ya turo mini saƙo, layi biyu kacal. Ya ce: "Ina nan da raina. Don Allah ka goge abin da ka rubuta, Hajiya ta kwana tana kuka." Na goge, amma me gogewa za ta yi? Magana zarar bunu ce. Na zauna bakin katifa na rasa inda zan sa kaina.

Washegari Juma'a na je wurin Madam. Ban je don in ba da haƙuri ba, na je ne da sauran zafina. Na ce mata, "Ma, da kin faɗa mana ko da kalma ɗaya ce, da duk wannan bai faru ba. Shirun da kika yi ne ya sa mutane suka cike gurbin da abin da suka ga dama."

Ta bar ni na gama. Sannan ta tambaye ni, mutanen da nake yi wa tambayoyi a kasuwa, idan wani ya faɗa mini bashin da ake bin sa, ina rubuta sunansa a jikin amsar? Na ce a'a, lamba muke ba kowa, sunan yana wani wuri dabam a kulle. Ta ce idan maƙwabcin rumfarsa ya tambaye ni me ya ce fa? Na ce ba zan faɗa ba, ai mun karanta masa takardar amincewa, mun yi masa alkawari. Ta ce, "To mai albasa da ka sani na minti arba'in ya cancanci wannan, amma abokin aikinka bai cancanta ba?"

Ban sami amsa ba. Sai ta ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta ce saƙon nan ba ita kaɗai ta rubuta shi ba. Kafin ta tura, sai da ta karanta wa Malam shi a waya, kalma bayan kalma. Ta tambaye shi abu uku: me yake so a faɗa, wa yake so ya sani, kuma yana son a riƙa tuntuɓarsa ko a'a. Da farko ta sa "saboda wani uzuri na kansa", shi ya ce a cire. Layin nan na cewa a gaishe shi amma kada a jira amsa, shi ya ce a ƙara. Wato abin da na ɗauka sanyin zuciyar Madam ne, ashe zaɓin Malam ne. Ni da nake tutiyar ɗan'uwansa ne, ni na tsallake abin da ya roƙa.

Tun daga ranar nake juya saƙon nan a kaina, har na fahimci wasu abubuwa da nake son in raba da ku, domin da yawanmu gobe mu ne za mu riƙe ofisoshi, mu ne za mu rubuta irinsa.

Na farko, na gane cewa tambaya biyu ce take tasowa idan abokin aiki ya ɓace, kuma mukan cakuɗa su. Akwai "me zai faru da aikin?", akwai kuma "me ya same shi?" Ta farko haƙƙinmu ce, domin mu za mu ɗauki nauyin. Ta biyu tasa ce, shi yake da ikon bayarwa ko hanawa. Idan kuka koma kan saƙon Madam za ku ga ta amsa ta farko har da ƙari. Ta faɗi ranar da abin ya fara. Ta faɗi cewa yana nan a matsayinsa, wanda duk mai karatu da natsuwa zai gane ba kora ba ce. Ta faɗi gaskiya cewa ba ta da ranar dawowa, maimakon ta ƙirƙiro wata don a kwantar da hankali. Ta ba da ranar da za ta sake magana. Ta faɗi inda za a kai tambayar aiki. Ni da na ce ba ta faɗi komai ba, ashe abu ɗaya ne kawai ba ta faɗa ba, shi ne wanda ba nata ba.

Kuma ba ta tsaya a magana ba. Mutum 74 ɗin nan da suka rage, ga yadda ta yi da su. Ta ba ni 40, waɗanda sai da Hausa za a yi musu. Ta ware 20 da suka daɗe a Ibadan suna jin Yarbanci, ta raba wa abokan aiki biyu. Sauran 14 masu zuwa da kaya ne daga Arewa su koma, ta ce a jingine su tukuna. Ta ƙara mana mako biyu a kan wa'adi, kuma ta sa aka biya mu kuɗin kowane fom da muka ƙara. Wannan ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Na lura yawancin masu nacin sai sun ji dalili, ba gulma ce kawai take cin su ba. Nauyi ne ya faɗo musu, suna son su auna ko uzurin ya kai su sha wahala dominsa. Idan shugaba ya ɓoye dalili kuma ya bar aiki ya zube a kan mutane babu tsari babu lada, to haushin zai koma kan wanda ba ya nan, a fara cewa ya gudu ya bar mu da kaya. Idan aka raba aikin da adalci, rabin tambayoyin da kansu suke mutuwa.

Na biyu, na gane cewa "kalma ɗaya" da na roƙi Madam ba ƙaramar aba ba ce. Ku gwada da kanku. Idan ta ce "ba shi da lafiya", tambaya ta gaba ita ce wane ciwo, wane asibiti, ana ɗauka ko ba a ɗauka. Idan ta ce "matsalar iyali", an buɗe ƙofar maganar mata da iyaye da gado. Idan ta ce "mu sa shi a addu'a", ta riga ta sanar cewa abin ba na daɗi ba ne kuma babba ne. Ko yanayin rubutu yana magana: saƙo mai cike da alhini ya faɗi rabin labari, saƙo mai ɗaurarriyar fuska kuma ya sa a zaci laifi aka yi. Rabin bayani ba ya kashe ƙishirwar mai tambaya, hanya kawai yake nuna masa ta inda zai fara tono. Shi ya sa ta bar saƙon fayau, ba ɗumi ba sanyi.

Akwai wani abu kuma da ta faɗa mini wanda ban taɓa tunaninsa ba. Ta ce ko da dalilin na farin ciki ne, haka za ta rubuta, sai dai idan mai abin ya ce a faɗa. Domin idan yau ta ce wance ta tafi haihuwa, gobe ta ce wane ya tafi jana'izar mahaifinsa, to ranar da ta yi shiru kowa zai gane cewa wannan karon abin kunya ne. Shirun da kansa ya zama tona asiri. Sai idan kullum haka ake yi wa kowa, sannan shirun ba ya nuna komai. Wato rufin asirin mutum ɗaya yana buƙatar a saba yi wa kowa, tun kafin a san wa zai buƙace shi.

Na uku, ba halin kirki ne kawai ba, akwai doka a ciki. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa kariyar sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na waya. Sannan a 2023 an sa hannu a kan dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, wadda ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Mu da muke aikin bincike an karantar da mu wannan kafin a ba mu kwamfutar hannu, amma a kaina na ɗauka don mutanen kasuwa aka yi ta. Ban taɓa kawo cewa ta shafi wanda muke cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Wurin aiki yana iya neman hujja kafin ya ba mutum dogon hutu, wannan daidai ne. Amma hujjar tana zuwa ne wurin wanda zai sa hannu da wanda ke riƙe da fayil. Ba ta da abin yi a zauren da mutum takwas suke, kowa da wayarsa, kowa yana iya ɗaukar hoton saƙo ya tura gaba cikin daƙiƙa biyu.

Yanzu bari in faɗi inda har yau nake ganin irin wannan saƙo yana da rauni, don kada a ce na zama ɗan koren Madam. Gaskiya ne shiru yana barin gurbi, kuma mutane suna cike shi. Gaskiya ne kuma akwai wanda zai shiga matsala ya yi ta fama shi kaɗai, alhali da an sani da an taimaka. A wurinmu ɗaliban da ke nesa da gida wannan ba wasa ba ne. Sau nawa muka haɗa kuɗin asibiti a zaure cikin awa biyu? Sau nawa muka raka gawar ɗan'uwa tun daga nan har gida? Wannan al'ada tamu abin riƙewa ce, ba na son a ji kamar ina cewa a watsar da ita. Kuma akwai shugabannin da suke fakewa da "ba za mu iya cewa komai ba" don su rufe zaluncin da suka yi wa ma'aikaci. Yadda nake bambancewa yanzu shi ne in duba abu uku: an ce mutumin yana nan a matsayinsa ko an yi shiru a kan haka, an bar ƙofar gaishe shi a buɗe ko an hana kowa kusantarsa, kuma shugaban ya dawo da bayani a ranar da ya ɗauka ko ya ɓace. Madam ta cika duka ukun. Juma'ar da ta faɗa ta dawo ta ce har yanzu babu rana, tsarin aiki yana nan yadda yake, za ta sake magana bayan mako biyu. Haka ta riƙa yi har ƙarshe.

Amma da na zauna na yi wa kaina adalci, sai na ga ko a gida ba kowane abu ake shela ba. Mu ne fa muke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mu ne idan mace tana da juna biyu ba ma faɗa sai ya fito da kansa. Mu ne dattijo zai ce "wane ya ɗan yi tafiya", kowa ya gane iyakar da aka ja masa ya yi shiru. Kullum addu'armu Allah ya rufa asiri. Ashe abin da Madam ta yi ba baƙo ba ne a wurinmu, sutura ce, sai dai ta zo da Turanci a WhatsApp shi ya sa ban gane ta ba. Abin da na kira zumunci a daren nan kuwa, idan na cire son kai, rabinsa son in sani ne, da jin haushin a ce wata ta san abin da ban sani ba game da ɗan yankinmu.

Kuma taimako bai taɓa buƙatar sanin dalili ba, ni ne na haɗa su. Daga baya abin da na yi shi ne abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na tura masa saƙo na ce: "Malam, na yi kuskure, ka yafe mini. Ba sai ka amsa ba. Aikinka yana hannuna, kada ka damu da shi. Idan kana buƙatar kuɗi ko aike ko wanda zai kwana kusa da kai, ka turo kalma ɗaya." Na koma zauren ɗalibai na rubuta cewa na yi magana a kan abin da ban sani ba, babu wanda ya ce an kore shi, kuma don Allah a bar maganar. Wanda ya sake tambayata, amsata ɗaya ce: yana hutu, idan ya dawo ka gaishe shi. Bayan kwana goma ya amsa mini da "Na gode, Allah ya bar zumunci." Wani lokaci can ya ce in karɓo masa wata takarda a sashensu in ajiye, na karɓo. Iyakar abin da ya nema ke nan.

Sai da ya yi mako tara sannan ya dawo. Ranar Lahadi da dare Madam ta turo saƙo, shi ma gajere: Malam zai dawo gobe, zai fara da mutum 14 da aka jingine, a tura masa duk fom ɗin da aka cike a madadinsa. Ba ta ce a yi masa barka ba, ba ta ce a yi masa sannu ba. Da safe ya shigo, aka gaisa, wani ya tsokane shi cewa ya bar mu da masu tumatur, ya yi dariya, aka hau mota. Ya shigo ofis a matsayin ma'aikacin da ya dawo, babu mai kallonsa da tausayi, babu mai kallonsa da zargi. A wurin aiki ke nan. A cikinmu 'yan gida kuwa, sai da ya yi makonni yana amsa tambayar "ashe ba korarka aka yi ba?" Wannan kuma aikina ne.

Na san abin da wasunku suke jira, ku ji me ya same shi. To wallahi har yau ban sani ba. Muna cin abinci tare a Sabo, muna raba kuɗin mota, ya taya ni gyara babi na uku na kundina. Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Da farko abin yana ɗan sosa mini rai, yanzu ya daina. Ranar da na nuna masa wannan rubutu, abin da ya ce kawai shi ne, a makonnin nan tara, abin da ya fi ba shi natsuwa shi ne sanin cewa zai koma wurin da ba sai ya yi wa kowa bayani ba.

Don haka 'yan'uwa, idan irin wannan saƙo ya shigo wayarku, daga shugaban aiki ne ko daga wakilin aji, ku karɓi rabon aikinku, ku tura gaisuwa ga mai abin shi kaɗai, ku tsaya nan. Kada ku kai tambaya zaure, kada ku kira gida. Idan kuma da gaske kuna tsoron ko ransa na cikin haɗari, ku je wurin wanda ya turo saƙon ku tambaye shi abu ɗaya: kuna magana da shi, yana cikin aminci? Wannan za a iya amsa muku ba tare da an buɗe komai ba. Da ita na yi wa Madam ranar Litinin ɗin nan, da Hajiya ba ta kwana tana kuka ba.

Masu shirin zuwa akwatin saƙona su ce "ni dai faɗa mini wane ne, ba zan gaya wa kowa ba", na gaishe ku, ku huta. Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, ya ba masu jarrabawa sa'a.